Ninka Matiriks da Matiriks: Yadda Ake Gane Amsa Ta Yi Daidai

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko JAMB, da mai kula da lissafin wata masana'anta a kwamfuta, duk sukan ci karo da aiki iri ɗaya: a ɗauki teburin lambobi guda biyu, a ninka su, a fitar da tebur na uku. Irin wannan tebur na lambobi shi masana lissafi ke kira matiriks. Abin da ke jawo damuwa shi ne, amsar da aka yi kuskure a cikinta ba ta da wata alama a fuska. Lambobi ne jere tsaf, kamar dai na amsar da ta yi daidai. Don haka akwai bincike biyu da kowane mai wannan aiki ya kamata ya saba da su: duba girman teburan kafin a fara, da kuma sake lissafa wasu 'yan gurabe bayan an gama. Kowanne yana da irin kuskuren da yake kamawa, yana kuma da wanda ke wuce shi, kuma sanin wannan iyaka shi ne rabin aikin.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wata mata tana haɗa abincin kaji kala uku: na 'yan tsaki, na masu tasowa, da na masu ƙwai. Kayan haɗin nata huɗu ne, wato masara, waken soya, dusa da garin ƙashi. Ga yawan kilo na kowanne a cikin kilo 100 na abinci. Lambobin na misali ne kawai don lissafi, ba shawarar kiwo ba ce.

```
A           masara  soya  dusa  ƙashi
tsaki         55     35     7     3
tasowa        60     22    15     3
ƙwai          52     24    14    10
```

Layin da ke kwance za mu kira shi sahu, wanda ke tsaye kuma ginshiƙi. Wannan tebur, A, yana da sahu 3 da ginshiƙi 4, sai a ce girmansa 3×4 ne. Kullum adadin sahu ake fara faɗa.

Akwai dillalai biyu da ke kawo mata kaya, kowa da farashinsa na kilo ɗaya a naira. Nan ma farashin misali ne.

```
B          dila 1  dila 2
masara       500     480
soya         900     950
dusa         300     280
ƙashi        200     250
```

B yana da sahu 4 da ginshiƙi 2, girmansa 4×2 ke nan. Tambayar matar ita ce: nawa kilo 100 na kowane abinci zai ci mata a wajen kowane dila? Amsar ita ce A sau B.

Ga yadda ake samun gurbi ɗaya. Don sanin kuɗin abincin tsaki a wajen dila na farko, sai a ɗauki sahun tsaki daga A, a ɗauki ginshiƙin dila na farko daga B, a haɗa su bibbiyu: kilon masara da farashin masara, kilon soya da farashin soya, haka har ƙarshe. A ninka kowane biyu, sannan a tara.

```
55×500 + 35×900 + 7×300 + 3×200
= 27,500 + 31,500 + 2,100 + 600
= 61,700
```

Daga nan ƙa'idar girma ta fito, ba wani abu ba ne da aka ƙaƙaba wa ɗalibai don a wahalar da su. Sahun A yana da lambobi huɗu, don haka dole ginshiƙin B ya kasance da lambobi huɗu, in ba haka ba wani kayan haɗi zai rasa farashi, ko wani farashi ya rasa kaya. A rubuta girman biyu kusa da juna, (3×4)(4×2). Lambobin ciki, 4 da 4, tilas su zama ɗaya. Lambobin waje, 3 da 2, su ne girman amsa. Tun kafin a ninka ko lamba ɗaya mun san amsarmu za ta zama sahu 3 da ginshiƙi 2, gurbi shida: abinci kala uku a wajen dila biyu. Duk wanda ya kawo amsa mai sahu biyu da ginshiƙi uku, ko mai gurbi goma sha biyu, ba sai an duba lambobinsa ba.

Idan aka juya tsarin, aka ce B sau A, sai a samu (4×2)(3×4). Lambobin ciki 2 ne da 3, ba su dace ba, ninkawar ba ta yiwuwa sam. Haka nan idan an rubuta farashin a kwance, kowane dila da sahunsa, teburin zai zama 2×4, kuma (3×4)(2×4) ba zai ninku ba sai an juyar da shi, sahu ya koma ginshiƙi. A manhajar Excel, umarnin da ke wannan aiki shi ne `MMULT`, kuma idan girman bai dace ba sai ya nuna `#VALUE!`. Irin wannan kuskure mai sauƙi ne, domin da kansa yake tona asirin kansa.

Cikakkiyar amsar misalinmu ita ce:

```
C = A×B    dila 1   dila 2
tsaki      61,700   62,360
tasowa     54,900   54,650
ƙwai       53,800   54,180
```

Mai karatu ya lura da yadda tazarar take ƙarama. Abincin tsaki da na masu ƙwai sun fi araha a wajen dila na farko, amma na masu tasowa ya fi sauƙi a wajen dila na biyu, da naira 250 kacal. Kuskure ɗan kaɗan ya isa ya sauya shawarar inda za a sayi kaya.

To, ga inda binciken girma yake gazawa. Shi ƙirga kawai ya iya, bai san suna ba. A ce dillalan sun aiko da takardar farashi da ƙashi a sama, dusa a ƙasa, mai shigar da lambobi kuma ya kwafe su yadda suka zo bai duba ba. B yana nan 4×2. Excel ba zai ce uffan ba. Amma yanzu ana ninka kilon dusa da farashin ƙashi, kilon ƙashi da farashin dusa. Ga abin da zai fito:

```
           dila 1   dila 2
tsaki      61,300   62,240
tasowa     53,700   54,290
ƙwai       53,400   54,060
```

Babu wanda zai kalli waɗannan lambobi ya yi zargin komai, domin duk suna kusa da na gaskiya. Sai dai a sahun masu tasowa hukunci ya juye. A gaskiya dila na biyu ya fi araha da naira 250, amma wannan tebur yana cewa dila na farko ne ya fi araha da naira 590. Shi ya sa nake ganin koyar da ƙa'idar "lambobin ciki su zama ɗaya" ita kaɗai bai wadatar ba. Cikakkiyar ƙa'idar ita ce sunayen ginshiƙan A su zama su ne sunayen sahun B, a jere ɗaya, da ma'auni ɗaya. Masara, soya, dusa, ƙashi a can. Masara, soya, dusa, ƙashi a nan. Idan A na magana da kilo, B kuma wani farashinsa na kwano ne ko na buhu, girma zai dace amma amsa ta lalace. Kilo sau naira-a-kan-kilo shi ke ba da naira. A karanta sunayen da baki, ɗaya bayan ɗaya, da yatsa a kan takarda. Aikin daƙiƙa goma ne.

Yanzu sai bincike na biyu, sake lissafa gurbi. A zaɓi gurbi ɗaya a cikin amsa, a rufe shi da hannu, a lissafa shi daga farko, sannan a buɗe a kwatanta. Rufewar tana da amfani, domin idon da ya riga ya ga amsa yakan ja hannu zuwa gare ta. Mu ɗauki abincin masu tasowa a wajen dila na biyu, wato sahu na 2, ginshiƙi na 2:

```
masara  60×480 = 28,800
soya    22×950 = 20,900
dusa    15×280 =  4,200
ƙashi    3×250 =    750
jimla          = 54,650
```

Teburin kirki yana da 54,650, sun dace. Teburin da aka musanya dusa da ƙashi yana da 54,290, an kama shi da bambancin naira 360. Amma akwai sharaɗi mai muhimmanci, wanda mutane da yawa ke mantawa. An kama kuskuren ne saboda an koma takardar dila ta asali, an nemi farashin dusa da sunanta. Da a ce an kwafi lambobin daga wancan B da aka shigar a birkice, da an sake samun 54,290, an kuma tafi da tabbacin ƙarya. Binciken da ya bi sawun aikin farko ƙafa da ƙafa zai faɗa ramin da na farko ya faɗa. Saboda haka a koma tushen lambobi, a kuma sauya hanya: in da kwamfuta aka yi, a bincika da biro ko kalkuleta, in an tara daga masara zuwa ƙashi, a tara daga ƙashi zuwa masara.

Kafin ma a kai ga wannan, akwai kallon ƙiyasi da ba ya cin komai. Kowane sahun A kilo 100 ne. A wajen dila na farko, kaya mafi araha naira 200 ne, mafi tsada 900. Ke nan kowane gurbi a ginshiƙinsa dole ya faɗa tsakanin 20,000 da 90,000. Wanda ya ga 6,170 ko 617,000 ya san sifili ya ɓace ko ya ƙaru.

Wane gurbi ya kamata a zaɓa? Yawancin mutane na farko suke dubawa, na sama ta hagu, alhali shi ne wanda aka lissafa da sabon ƙarfi da cikakken hankali, kuma shi ya fi ƙarancin faɗin wani abu. Dalilin ya fi fitowa fili a matiriks mai sahu da ginshiƙi daidai, inda binciken girma ba ya taimakawa ko kaɗan, tunda (2×2)(2×2) ya dace ta kowace fuska. Ga ƙaramin misali:

```
P = 1 2     Q = 5 6
    3 4         7 8

PQ = 19 22      QP = 23 34
     43 50           31 46
```

PQ daban, QP daban, ko da yake girmansu ɗaya. Wannan shi ne babban bambancin ninka matiriks da ninka lambobi na yau da kullum, inda 3 sau 5 da 5 sau 3 duk 15 ne. Gurbi ɗaya da aka sake lissafawa ya isa ya nuna an juya tsari a wannan misali. Haka kuma zai kama wanda ya ninka gurbi da takwaransa kai tsaye, 1 da 5, 2 da 6, ya samu 5, 12, 21, 32. Wannan kuskure ya zama ruwan dare ga sababbin masu rubuta manhaja da Python, domin a cikin NumPy `P * Q` gurbi da gurbi yake ninkawa, `P @ Q` ne ninkawar matiriks, kuma dukansu suna ba da amsa 2×2 ba tare da wani gargaɗi ba.

Amma a ce mutum ya lissafa lambobin huɗu daidai, sai ya zuba su a juye, 22 ta koma mazaunin 43, 43 ta koma mazaunin 22. Lambobin da ke kan layin da ya ratsa daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, wato 19 da 50, ba su motsa ba. Wanda ya duba na farko da na ƙarshe kawai zai ce komai lafiya. Don haka aƙalla gurbi ɗaya daga cikin waɗanda za a duba ya zama lambar sahunsa da ta ginshiƙinsa sun bambanta, kamar sahu na 3 ginshiƙi na 2. Kuma guraben da aka zaɓa kada su fito daga sahu ɗaya ko ginshiƙi ɗaya, domin lamba ɗaya da aka kwafa ba daidai ba a cikin A sahu ɗaya tak take ɓatawa a amsa, wadda aka kwafa ba daidai ba a cikin B kuma ginshiƙi ɗaya take ɓatawa.

A kuma guji sahun da ke cike da sifili ko lambobi masu kama da juna. Da a ce wani abinci yana da kilo 5 na dusa da kilo 5 na ƙashi, musanyar farashin nan ba za ta taɓa gurbinsa ba, jimla ɗaya za a samu. A misalinmu sahun masu tasowa ya fi kowanne fallasa kuskuren, saboda tazarar 15 da 3 ta fi faɗi. Gurbin ƙarshe na ƙasa ta dama shi ma ya cancanci dubawa, domin a nan gajiya ke kama mai aikin hannu, a nan kuma ake gane cewa wanda ya ja layin zaɓi a Excel ya tsaya kafin ƙarshe ko ya haɗa da abin da ba na ciki ba. Sai kuma, ba shakka, gurbin da za a yanke shawara a kansa. Idan kuɗi zai fita saboda tazarar naira 250, to guraben nan biyu da suka haifar da tazarar sun fi kowanne haƙƙin a sake lissafa su.

Yanzu ga iyakar wannan hanya, kuma ya kamata a faɗe ta ƙarara. Duba 'yan gurabe yana kama kuskuren tsari, wanda ke yaɗuwa a ko'ina: juya A da B, musanya sahu, amfani da umarnin da ba shi ba. Tuntuɓen hannu a gurbi ɗaya kuwa sai an yi sa'a. Kamar mai sayen buhun hatsi ne da ke soka tsinke ya zaro 'yan ƙwayoyi: in duk buhun gauraye ne zai gani nan take, amma dutse ɗaya da ke can tsakiya ba lallai tsinken ya same shi ba. A teburinmu mai gurbi shida, in ɗaya ne ya lalace kuma aka duba biyu ba tare da zaɓe ba, damar kama shi ɗaya ce bisa uku. A tebur mai sahu 100 da ginshiƙi 100, gurbi 10,000, duba biyar yana ba da dama ɗaya cikin 2,000. Wanda ya duba gurbi uku ya ce "amsa ta tabbata" ya faɗi fiye da abin da ya sani. Abin da ya tabbatar shi ne hanyar da aka bi daidai ce.

Mu ga irin wannan tuntuɓe. A wajen lissafa abincin masu ƙwai na dila na biyu, a ce an rubuta 24 sau 950 a matsayin 21,800 maimakon 22,800. Gurbin zai zama 53,180 a madadin 54,180. Lambar tana cikin iyakar ƙiyasi, girman tebur bai canza ba, sauran gurabe biyar lafiya lau. Amma yanzu dila na biyu ya bayyana kamar ya fi araha da naira 620, alhali shi ya fi tsada da 380.

Akwai dabarar da ke kama wannan ba tare da an sake dukan aikin ba, kuma ita ma sake lissafin gurbi ce, sai dai gurbin na musamman ne. A tara kowane ginshiƙi na A, kamar dai matar za ta haɗa kilo 100 na kowane abinci a rana ɗaya. Masara 55 da 60 da 52 sun zama 167. Soya 81, dusa 36, ƙashi 16. Jimlarsu 300, daidai da kilo 100 sau uku. Wannan sabon sahu ne, sai a ninka shi da B kamar kowane sahu:

```
dila 1: 167×500 + 81×900 + 36×300 + 16×200 = 170,400
dila 2: 167×480 + 81×950 + 36×280 + 16×250 = 171,190
```

Kuɗin kayan duka a dunƙule dole ya yi daidai da kuɗin abinci ukun in an tara su ɗaya bayan ɗaya. A ginshiƙin dila na farko, 61,700 da 54,900 da 53,800 sun ba da 170,400, ya dace. A na dila na biyu, teburin kirki ya ba da 171,190, shi ma ya dace. Teburin da ke ɗauke da 53,180 kuwa 170,190 zai bayar, giɓin naira 1,000 cif. Nan take an san kuskuren yana ginshiƙi na biyu, kuma girman giɓin ya nuna a gidan dubbai aka yi tuntuɓe. Idan aka yi irin wannan ta ɗaya ɓangaren, aka tara farashin dillalan biyu na kowane kaya, aka ninka da sahun A ɗaya bayan ɗaya, za a gane sahun da ya lalace, kuma mahaɗar sahun da ginshiƙin ita ce gurbin da ake nema. Dukan teburin ya ci ninkawa 24, binciken ginshiƙai ya ci 8 kawai, amma ya taɓa kowane gurbi. A ganina wannan dabara ta cancanci a koyar da ita a aji tare da ƙa'idar girma, domin ba ta buƙatar wani sabon ilimi, kuma ɗalibi zai iya yin ta a gefen takardar jarrabawa.

Ita ma tana da makantarta. Idan gurbi ɗaya ya ƙaru da 500, wani a ginshiƙi ɗaya ya ragu da 500, jimla ba za ta motsa ba. Idan aka musanya mazaunin 54,900 da 53,800, nan ma jimla tana nan. Ba za ta kuma ga musanyar dusa da ƙashi ba matuƙar da birkitaccen B aka yi binciken. Shi ya sa take tafiya tare da karanta sunaye da sake lissafin gurabe, ba ta maye gurbinsu.

Masana kimiyyar kwamfuta sun toshe ɓangaren farko na wannan makanta ta hanya mai kyau. A 1977 wani masani ɗan ƙasar Latbiya, Rūsiņš Freivalds, ya nuna cewa maimakon a tara komai da komai, sai a jefa kwabo a kan kowane layi: wanda ya faɗo kai a sa shi cikin jimla, wanda ya faɗo wutsiya a bar shi. A misalinmu, kwabon na iya cewa a tara sahun tsaki da na ƙwai kawai, a bar na tasowa, a cikin A da kuma cikin amsa, sannan a kwatanta kamar ɗazu. Kurakurai biyu da suka soke juna a cikakkiyar jimla ba za su soke juna ba idan kwabo ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Ya tabbatar da cewa in dai amsar ba daidai ba ce, ko yaya kuskuren yake, damar ta kuɓuta a zagaye ɗaya ba ta wuce rabi ba. A maimaita sau goma da sabon jifa, damar kuɓuta ba za ta wuce ɗaya cikin 1,024 ba. Ga matiriks mai sahu 1,000 da ginshiƙi 1,000, ninkawa ta hanyar makaranta tana cin ninkawar lambobi biliyan ɗaya, zagaye ɗaya na wannan bincike kuwa kimanin miliyan uku.

Abu ɗaya ya rage ga mai bincike a kwamfuta. Idan lambobin suna da ɗigo, kamar 0.1 da 0.2, na'ura ba ta riƙe su cif-cif, shi ya sa a Python `0.1 + 0.2` ke ba da `0.30000000000000004`. Amsoshi biyu da aka tara ta hanyoyi daban za su iya saɓawa a can lamba ta goma sha biyar ko sha shida, kuma wannan ba kuskuren ninkawa ba ne. Sai a kwatanta su da ɗan sassauci, kamar yadda `np.allclose` ke yi, ba da `==` ba. Saɓanin da ya fito a lamba ta uku ko ta huɗu kuwa, irin na 54,290 da 54,650, ba daga na'ura yake ba, sai a koma takardar farashi a bi sunayen kaya ɗaya bayan ɗaya.